Ɗan baffana ya nemi rancen naira miliyan 3: yaya zan rubuta masa cewa ba zan iya ba?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Samaru. Ɗan baffana, wanda ya girme ni da shekara shida, yana zaune a cikin birni wajen Ƙofar Doka, ya nemi in ranta masa naira miliyan 3 ya sayi masara a Giwa ya ajiye zuwa damina. Ina da abin da ya kusa haka, amma kuɗin rufin gidana ne da na daɗe ina tarawa. Ya ce in ba su cika ba in ciyo masa bashi a kofaretib ɗinmu, wato ƙungiyar ajiya da rance ta ma'aikata. A gidan mahaifinsa na yi sakandare, shi ya sa in muna tare bakina ba ya iya cewa a'a. Ina so in rubuta masa wasiƙa. Abin da zan iya ba shi bai wuce dubu 200 ba. Me zan rubuta don kada zumunci ya lalace?"

Wa alaikumus salam. Na daɗe ina riƙe da littafin bashi na wata ƙungiyar ma'aikata a nan Zariya kafin in yi ritaya, kuma mafi yawan rigimar da ta iso teburina ba ta mai ƙin biya ba ce, ta wanda ya ciyo wa ɗan'uwansa ce. Saboda haka zan fara da abin da ya kamata ka yanke a zuciyarka kafin ka ɗauki biro, don wasiƙa ba ta gyara shawarar da ba ta nuna ba. In kana rubutu kana wasiwasi, Yayanka zai ji wasiwasin a cikin layukan, kuma ta nan zai dawo.

Abin da ake nema a wurinka

Dubi yadda cinikin yake. Ana sayen masara da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da ta cika kasuwa, a zuba a sito da magani, a jira Yuni ko Yuli a sayar. Kuɗinka kenan za su kwanta wata bakwai ko takwas, kuma a cikin watannin nan ba ka da ikon taɓa ko sisi. Shekarun da farashi ke ta hawa sun sa mutane sun ɗauka ajiyar hatsi ba ta faɗuwa, har 2025 ta zo, farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka ajiye da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ban da haka akwai ƙwari, akwai danshi in an zuba masarar ba ta gama bushewa ba, akwai kuɗin sito da na dako da na mota. Yayanka yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, ya kuma kasa biyanka, ba don ya ci amana ba sai don kasuwa ta juya.

To in ta juya, wa ke ɗauke da asarar? In rance ne, a shari'a shi zai biya ka cif, ko ya ci riba ko ya faɗi. Amma a aikace kai da ni mun san ba za ka kai ɗan baffanka gaban alƙali ba, kuma ko ka so, iyaye ba za su bari ba. In kuma aka mai da abin ƙiradi, wato kai ka sa dukiya shi ya sa wahala a raba riba, to hukuncin da malamanmu ke karantarwa shi ne asarar jari tana kan mai jari muddin mai juyawa bai yi sakaci ba. Ta kowace hanya ka bi, rufin gidanka ne ke kan layi. Ga shi kuma kwano da katako ba sa jiran kowa: miliyan 3 da za a dawo maka da su a Agusta, ko sun dawo cif, ba lallai su rufa abin da za su rufa yau ba, damina kuma ta riga ta sauka a kan ginin.

Batun kofaretib ya fi wannan nauyi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mutane suna ganin kamar ya fi sauƙi tunda ba daga aljihu za a fitar ba, alhali shi ne mafi haɗari. Ƙungiya ba ta san Yayanka ba. Sunanka ke kan takarda, albashinka ake yanka tun kafin ya shigo hannunka. A ce ka ciyo miliyan 2, a biya cikin wata 24, ƙungiya ta ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima. Jimla miliyan 2 da dubu 200 kenan, wato kusan naira dubu 92 duk wata. In albashinka dubu 240 ne, ka koma rayuwa a kan dubu 148 har shekara biyu, ko masara ta yi riba ko ba ta yi ba. Sa'annan yawancin ƙungiyoyi sai ka kawo abokan aiki biyu sun tsaya maka, in ka gaza a juya kansu. Ka ga ke nan ka jawo mutanen da ba su ji ba su gani ba cikin cinikin da ko buhunansa ba su taɓa gani ba. Na sha ganin mutum ya daina shiga masallacin wurin aiki don kada ya haɗu da wanda ya tsaya masa. Don haka a wasiƙarka ka ambaci wannan a fili, ka rufe shi daban. In ka ƙi rancen ka yi shiru a kan kofaretib, ya zama ka bar masa wannan ƙofa a buɗe.

Dubu 200 ɗin: kyauta ko rance?

Shawarata ka ba shi kyauta, ka kuma rubuta kalmar a wasiƙar. Ƙaramin rance tsakanin 'yan'uwa yana da mugun hali. Bai kai a kira shaidu a rubuta ba, ko da yake ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ta ce a rubuta shi ƙarami ne ko babba, amma ya kai ya tsaya a zuciya. Bayan wata shida kai kana kallonsa a wurin suna kana tuna kuɗinka, shi kuma yana kauce maka. Ka yi asarar dubu 200, ka kuma yi asarar sakin fuskar da kake ƙoƙarin karewa. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: adadin da in bai dawo ba ba za ka faɗa wa matarka da ɓacin rai ba, shi za ka bayar. In dubu 200 ta wuce wannan ma'auni, rage ta zuwa 150 ko 100. Ba a auna ta da girman abin da aka roƙa, da ƙarfinka ake auna ta.

Akwai mutanen da kyauta ke sosa wa rai, musamman daga ƙane zuwa wa. In Yayanka irinsu ne, kira ta gudummawa. Mun saba da gudummawa a biki da suna da gini, babba yana karɓa daga ƙarami ba tare da jin an raina shi ba. In ya nace sai dai rance, to ku rubuta: adadi, ranar biya, shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kai kuma a ranka ka riga ka yafe.

Yadda wasiƙar za ta tsaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a binne ƙin a ƙasan shafi, bayan dogon yabo da addu'a, har mai karatu ya fara murna. Gaisuwa dole ce, kuma ta zama cikakkiya, a tambayi iyali, a tambayi Baffa da Inna. Amma da an gama gaisuwa, amsar ta zo, a jimla guda wadda ba ta da fuska biyu. "Ba zan iya ba da wannan rance ba." Kada ka rubuta "a yanzu", ko "sai dai mu gani", ko "bari abubuwa su daidaita". Mu Hausawa mun saba amfani da waɗannan a matsayin a'a mai laushi, kuma tsakanin baƙi suna aiki. Amma mai buƙata yana jin su a matsayin alkawari, kuma kakar masara tana da lokaci. Zai ƙi neman wata hanya yana jiranka, in lokacin ya wuce laifin ya zama naka. Haka nan "in sha Allahu" ka ajiye ta ga abin da da gaske za ka yi, kamar ranar da za ka tura gudummawar.

Dalili kuwa guda ɗaya ya isa, kuma ya zama gaskiya. Kada ka ce ba ka da kuɗi. Zariya ƙarama ce ga mai dangi. Ranar da motar kwano ta tsaya a ƙofar gininka, labari zai riga ka isa cikin birni, sai ƙin da za a iya haƙura da shi ya koma ƙarya da ba a mantawa. Ka ce kuɗin da ke hannunka na rufi ne, an riga an yi musu wuri. Ba sai ka faɗi nawa ne ba, kuma kada ka jero lissafin albashi da kuɗin makarantar yara da na magani. Duk dalilin da ka ƙara, ka ba shi abin warwarewa ne: zai ce rufin ya jira bayan damina, kuɗin makaranta shi zai taimaka in ya sayar. Wasiƙa ta koma ciniki.

Abu na gaba shi ne ka bar masararsa ta huta. Duk abin da na faɗa a sama game da faɗuwar farashi naka ne, don ka natsu da shawararka, ba na saka wa a wasiƙa ba ne. Da ka rubuta cewa kana tsoron cinikin, ka ce masa ke nan ba ka amince da hankalinsa ba, kai ƙane, ma'aikacin ofis, kana koya wa ɗan kasuwa kasuwa. Ƙari a kan haka, in ya kawo maka hujjar cewa bana za a ci riba, dalilinka ya rushe. Amma ba wanda zai iya yi maka gardama a kan cewa gidanka na buƙatar rufi.

Zaman da ka yi a gidan Baffa ka ambace shi, don in ba ka ambata ba wasu za su ambata maka. Sai dai ka yi hattara da yadda za ka sa shi. Godiya ce, ba bashi ba ne da ake biya da miliyan 3. Jimla ɗaya ko biyu, ka nuna ba ka manta ba, ka wuce. In ka zauna kana ta ba da haƙuri sau biyar, kai da kanka kana shaida cewa ka yi laifi, kuma haka za a karanta. Haƙuri sau ɗaya ya wadatar. Aya ta 28 a Suratul Isra'i ta yi umarni da a gaya wa ɗan'uwa magana mai sauƙi idan ba a samu abin ba shi ba, wadda ke biye da ita kuma ta hana ƙunshe hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har a zauna abin zargi. Wannan don kai ne ka samu natsuwa. Ban ba ka shawarar ka jawo masa aya a wasiƙa ba, don babu mai son a hana shi kuɗi a kuma yi masa wa'azi.

Ga yadda zan rubuta in ni ne kai. Ka sauya kalmomin su zama irin bakinka:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara duka. Ina gaida Baffa da Inna, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

Na yi tunani sosai a kan maganar da ka yi mini ta rancen naira miliyan 3. Na zaɓi in rubuto maka ne don ka san halina, in muna zaune nauyinka ba ya barina in faɗi magana yadda take, ga shi kuma lokacin saye yana tafiya, bai kamata in bar ka kana jira ba.

Yaya, ba zan iya ba da wannan rance ba. Abin da ke hannuna na rufin gida ne, kuma na riga na tsai da yin aikin kafin ruwa ya sauka. Batun kofaretib ma ba zan iya shiga ba, ko in ciyo ko in tsaya wa wani, don albashina ba zai ɗauka ba. Ka yi haƙuri.

Abin da Allah ya hore mini shi ne naira dubu 200. Gudummawata ce, ba rance ba, kada ka sa ta cikin lissafin abin da za ka mayar. In sha Allahu zan tura maka ranar Juma'a mai zuwa. Na san ba ta kai ko kusa da abin da ake nema ba, amma ita ce iyakar ƙarfina.

Ban manta da riƙon da aka yi mini a gida ba, kuma ba zan manta ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo in gaishe ku. Wannan magana tsakanina da kai take.

Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya sa albarka a nema.

Ƙanenka."

Ka lura ba ta cika shafi ba. Akwai adadi, akwai rana, kuma "iyakar ƙarfina" tana nan don kada dubu 200 ta zama farashin farko da za a yi tayi a kai. Ranar da ka sa kuwa ka cika ta, ko da za ka tura tun kafin ta zo. Wanda aka hana babba aka kuma ja masa rai a kan ƙarami, shi ne ke riƙe abin a zuciya.

Yadda za ta isa, da abin da zai biyo baya

Da hannu ka rubuta ko a waya, duk ɗaya ne, amma kowanne da abin kiyayewa. In takarda ce, a ambulan rufaffe, kuma kada ka ba yaron gidansu ko matarsa su kai, don roƙon da ya yi maka wataƙila ko iyalinsa ba su sani ba. In ta WhatsApp ce, ka tura masa shi kaɗai, a rubuce ba da murya ba, don saƙon murya ana kunna shi a gaban mutane, kuma rawar muryarka za ta faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Ka rubuta da sanin cewa wata rana ana iya nuna wa Baffa ko mahaifiyarka. Duk layin da ba za ka so su gani ba, cire shi.

Ziyarar da ka ambata ita ce rabin aikin. A al'adarmu takarda kaɗai daga Samaru zuwa Ƙofar Doka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, tana iya zama kamar girman kai, a ce ɗan boko ya aiko da takarda. Zumunci a ƙafa yake. Ka je bayan kuɗin sun shiga, ka fara shiga wurin Baffa, ka riƙe wa yara ɗan tsaraba, ka zauna ka ci abin da aka kawo. In Yaya bai tayar da maganar ba, kai ma kada ka tayar. In ya tayar, ya ce to ko miliyan 1, amsarka ita ce wadda ke cikin wasiƙar, da kalmominta: "Wallahi Yaya, abin da na rubuta shi ne iyakar ƙarfina." Kada ka kawo sabon dalili a zaune, don a nan ne kunyar da ka gudu za ta kama ka.

Ka sa ran za a biyo ta wajen manya. Sau da yawa ba mai roƙon ke matsawa ba, uwa ce ko goggo za ta kira ta ce ɗan'uwanka ne fa. Tunda ka ce masa maganar tsakaninku take, kada kai ka fara kai ta. Amma in ta iso ta can, ka faɗi abu uku cikin ladabi: kuɗin na rufi ne, ka ba da abin da za ka iya, ba za ka ci bashi a kan albashi ba. Kada ka ce komai game da halin Yaya ko cinikinsa. Tsofaffi sun fi mu sanin abin da gini ba rufi ke zama bayan damina guda, kuma da wuya su ce a bar shi.

Zai yiwu ya yi sanyi da kai na ɗan lokaci, ya rage kira, gaisuwa ta gajarce. Wannan ba alamar wasiƙar ta ɓaci ba ce, kuma kada ka yi saurin gyara shi da ƙarin kuɗi. Kai dai ka ci gaba da abin da ka saba: gaisuwar Juma'a, zuwa suna, duba marar lafiya. Alamar da ke nuna an samu matsala ta gaske ita ce in ya dawo da gudummawar. In haka ta faru, kada ka sake turawa, kada kuma ka yi fushi. Ka nemi wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa, ya kai masa da hannunsa.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan roƙon jari, inda in ba a samu ba ciniki ne kawai ya wuce. Da a ce kuɗin aikin tiyata ne a asibitin Shika, ko bashi ne da za a ɗaure shi a kai, da lissafin ya sauya: a nan ba wasiƙa ake rubutawa ba, taron dangi ake kira a raba nauyin, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, rufi ma yana iya ɗan jira. In kuma daga baya ka ga kana sha'awar shiga cinikin hatsin da wani abu kaɗan bisa ƙiradi, wannan magana ce daban da za ku zauna da malami ya shimfiɗa muku sharuɗɗanta, a rubuta kason riba tun farko. Kada ka haɗa ta da wannan wasiƙa, kuma kada ka taɓa ta sai kwano ya hau gidanka.